Hotonka ne, Salon Wani ne: Ina Doka Ta Ja Layi?

A ƙarshen watan Maris na 2025, shafukan sada zumunta suka cika da wani irin hoto mai taushin launi, mutane da manyan idanu da zagayayyar fuska, bayansu korayen tsaunuka da farin gajimare. Kamfanin OpenAI ne ya ƙara wa manhajarsa ta ChatGPT ikon sarrafa hoto, sai jama'a suka riƙa ɗora hotunan aurensu da na 'ya'yansu suna neman a mayar musu da su irin zanen Studio Ghibli, gidan finafinan zane na ƙasar Japan wanda Hayao Miyazaki da abokan aikinsa suka kafa a 1985. Ana cikin wannan yayi sai muhawara ta tashi. Wasu suka ce wannan sata ce tsirara, wasu kuma suka ce ai hoton nasu ne, ba su taɓa kayan kowa ba. Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, amma doka ba ta kallon lamarin a dunƙule. Tambaya uku take yi: me aka ɗauko daga mai zanen, hoton da aka sarrafa na wane ne, kuma abin da ya fito wa ya mallake shi.

Mu fara da salon. Dokar haƙƙin mallaka a kusan ko'ina a duniya ta tsaya a kan ƙa'ida guda: tana kare aikin da mutum ya fitar, ba ta kare tunani ko dabara ko hanyar yin aiki. Wannan ƙa'ida tana rubuce a yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Najeriya da Nijar duk suke cikinta. Salo kuwa yana cikin rukunin dabara. Kamar aikin babbar riga ne: aska takwas ba ta wani maɗinki ba ce, kowa na iya zama ya ɗinka tasa. Haka mai zane ba zai ce shi kaɗai ke da ikon amfani da launi mai taushi, ko zana sama tana murɗawa, ko yin fuska da manyan idanu ba. Da doka ta ba wani wannan iko, da almajiri bai isa ya yi koyi da malaminsa ba, da kuma fasahar zane ta tsaya cik.

Akwai kuma batun wa'adi. Haƙƙin mallaka ba ya dawwama. A Najeriya, ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, ana kare zane har shekara 70 bayan mutuwar mai shi. Vincent van Gogh ya mutu a 1890, saboda haka ko ainihin zanensa ka kwafa babu mai tare ka. Pablo Picasso kuwa ya mutu a 1973, ayyukansa suna hannun magada har ƙarshen 2043 a ƙasashen da ke bin wannan lissafi. Finafinan Ghibli duk suna cikin kariya.

To ina matsalar take, tunda salo na kowa ne? Matsalar ita ce tsakanin salo da ainihin aiki babu katanga, kuma mutum na iya tsallakawa bai sani ba. Wata shari'a da aka yanke a Landan a 2012 ta nuna haka ƙarara. Kamfanin Temple Island Collections, mai sayar da kayan tsaraba, yana da wani hoto na ginin majalisar Birtaniya: komai baƙi da fari, sama fara fat babu gajimare, sai jar bas guda tana tsallaka gadar Westminster. Wani kamfanin ganyen shayi, New English Teas, ya so irinsa a jikin gwangwanayensa. Mai kamfanin bai kwafi hoton ba. Da kansa ya je ya ɗauki nasa hotunan daga wata kusurwa daban, aka harhaɗa su a kwamfuta, aka cire launi aka bar jar bas. Duk da haka alƙali Colin Birss ya yanke cewa an keta haƙƙi. Dalilinsa shi ne mutumin ya san hoton farko, kuma abin da ya ɗauka ya wuce dabarar nan ta barin abu guda da launi a cikin baƙi da fari: ya ɗauki haɗin abubuwan gaba ɗaya, wato ginin da gadar da bas ɗin da farar samar. Lauyoyi da dama sun soki hukuncin, suna ganin ya matsa kusa da kare tunani. Amma darasinsa ya zauna: cewa da hannunka ka danna kyamara ba ya wanke ka idan abin da ka fitar sake gina wani takamaiman aiki ne.

Ga yadda za ka auna naka. Dubi hoton da manhaja ta ba ka, ka tambayi kanka: wanda ya san aikin mai zanen, zai ce wannan ya yi kama da hannun wane, ko zai nuna da yatsa ya ce ga fim kaza, ga wuri kaza? Idan 'yarka ce zaune a tsakar gidanku da atamfarta, launi da zubin fuska kawai suka canza, salo ka ara. Idan kuwa Totoro, dabbar nan mai ƙaton ciki ta fim ɗin 1988, ta bayyana a gefenta, ko aka tsayar da ita a tashar mota cikin ruwan sama kamar yadda yake a fim ɗin, ka ɗauko kayan mutane. Sau da yawa manhaja kan cuso irin waɗannan ba tare da an nema ba, don haka duba bayan hoton da kyau kafin ka yaɗa.

Tambaya ta biyu ita ce wadda mutanenmu suka fi tuntuɓe a kanta. Idan muka ce hotona, yawanci muna nufin ni ne a ciki. Doka kuwa tana nufin wanda ya ɗauka. Hoton da ka ɗauki kanka da wayarka naka ne. Hoton bikinka da mai hoto ya ɗauka a wurin kamu ko dina, asalin haƙƙinsa na mai hoton ne, sai in kun yi yarjejeniya akasin haka. Dokar Najeriya ta 2022 ta ba wanda ya sa aka yi masa hoto don amfanin kansa da iyalinsa damar amfani da shi a abin da ba kasuwanci ba, har da ikon hana a watsa shi ga jama'a. Saboda haka amarya za ta iya sauya wa hoton bikinta salo ta rataye a falo. Amma mai shagon kwalliya da ya ɗauki wannan hoto ya mayar da shi zane ya buga a allon talla, yana buƙatar izinin mai hoto da na amaryar.

Kada kuma a ɗauka sauya salo yana goge haƙƙin mai hoto. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tsakanin gidauniyar Andy Warhol da mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith. Ita ta ɗauki mawaƙi Prince a 1981, Warhol ya rina hoton da launukansa da duniya ta san shi da su, sannan a 2016 gidauniyarsa ta ba wani kamfanin mujallu izinin buga shi a bango kan dala 10,000, ita ba ta sami ko sisi ba. Alƙalai bakwai cikin tara suka goyi bayanta. Idan sunan Warhol bai isa ya shafe haƙƙin mai hoto ba, danna maɓalli a waya ba zai shafe ba.

Sai ta uku: a ce hoton naka ne tsaf, salon kuma babu mai ja da kai a kansa. Abin da ya fito naka ne? Wani lauya ɗan Indiya, Ankit Sahni, ya gwada wannan har ƙarshe. Ya ɗauki hoton faɗuwar rana a bayan wani gini, ya ba wata manhaja mai suna RAGHAV hoton, ya ba ta zanen The Starry Night da Van Gogh ya yi a 1889, sannan ya zaɓi lambar da ke nuna yawan salon da za a zuba. Abin da ya fito ya sa masa suna Suryast, ya nemi rajistarsa a Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka. A watan Disamba na 2023 ofishin ya ƙi a mataki na ƙarshe. Ba don ya cuci Van Gogh ba, wannan ba a ma tayar da shi ba. Dalilin shi ne dokar Amurka aikin ɗan Adam take karewa, kuma abubuwa ukun da Sahni ya bayar ba su ne suka ƙayyade inda kowace murɗa da kowane launi suka sauka ba. Na'ura ce ta yanke wannan. Ofishin ya ce ainihin hotonsa na faɗuwar rana yana iya neman rajistarsa, amma sabon da aka rina ba a ɗauke shi aikin hannunsa ba. A Kanada kuwa an yi wa wannan hoton rajista a 2021, abin da ke nuna ƙasashe ba su zama baki ɗaya ba.

Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa a fili take. Idan ka gina tambarin shagonka ko bangon littafinka a kan hoton da manhaja ta rina, wani ya kwafe, hujjarka a gaban alƙali tana iya yin rauni. Wanda ya zauna ya zana da hannunsa, ko ya yi gyara mai yawa bisa zaɓin kansa, ya fi shi madogara. Shi ya sa yake da kyau ka adana asalin hoton da matakan gyaran da ka yi.

Akwai wani tarkon da ba na haƙƙin mallaka ba ne kai tsaye, wato suna. Mai buga kalanda da jakunkunan rabo na biki da ya rubuta a tallarsa cewa yana yin hotunan Ghibli, ya shiga hurumin alamar kasuwanci, domin mai saye na iya zaton da yawun kamfanin ake yi. Haka wanda ya sa sunan mai zane a ƙasan aikin da ba shi ya yi ba. Ita kuwa babbar rigimar, ta ko ya halatta kamfanoni su horar da na'urorinsu da zanen mutane ba izini, tsakanin masu zane ne da kamfanonin. Tun 2023 wasu masu zane a Amurka, cikinsu har da Sarah Andersen, suka kai Stability AI da Midjourney kotu a kan haka.

Don haka wanda ya sauya wa hoton da ya ɗauka da kansa salo don nishaɗi, babu wani sanannen hali ko fage na wani a ciki, yana kan tudun mun tsira a mafi yawan dokoki. Da zarar kuɗi sun shigo, lissafi ya canza. Kafin ka kai wa mai buga kaya, tabbatar hoton naka ne ko kana da izinin mai shi a rubuce, cire duk abin da za a iya nunawa a ce na wani fim ne ko wani zane, kuma kada ka yi talla da sunan mai salon. Idan odar babba ce, kuɗin ganin lauya bai kai asarar kayan da kotu za ta hana ka sayarwa ba.