Sake Fasalin Labarin Jarida Bisa Tsarin Kifaffiyar Dala

Wanda ya ga hoton dalar gyaɗa ta Kano ya san siffarta: gindi mai faɗi, kai mai tsini. Idan aka kifa ta, faɗin ya koma sama, tsinin ya koma ƙasa. Wannan siffa ce manazarta aikin jarida suka ara domin bayyana yadda ake jera labari: a fara da abin da ya fi nauyi, a bi shi da wanda bai kai shi ba, har a sauka kan bayanin da ko an yanke shi labarin ba zai gurgunce ba. Tsarin ya kafu ne a jaridun Amurka a kashi na biyu na ƙarni na 19, zamanin da ake aika labarai ta wayar tangaraho. Abin da ya sa ya ɗore shi ne, edita kan datse labari daga ƙasa idan fili ya yi kaɗan, mai karatu kuma ba lallai ne ya wuce sakin layi na farko ba.

Matsalar ɗalibi Bahaushe a nan ba ta rashin iya ba da labari ba ce. Ya tashi ne da tatsuniya da hikaya, inda ake farawa daga mafari, a ja ran mai sauraro, a ajiye babban al'amari sai can ƙarshe. Don haka rubutunsa na farko kusan kullum yakan bi jerin lokaci. Ga misali da aka shirya domin wannan darasi:

"Ranar Talata ɗalibai sun shiga aji kamar yadda suka saba. Da misalin ƙarfe 11 na safe sai hadari ya taso daga gabas. Malamai suka ci gaba da darasi. Can sai iska mai ƙarfi ta biyo baya, ta yaye rufin ajujuwa 4. Ɗalibai suka fito a guje, 7 daga cikinsu suka ji rauni, aka kai su asibiti. Daga nan sai shugaban makarantar ya sanar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Da ya zo ya ga ɓarnar, sai ya ce a rufe makarantar har mako 2. Shugaban makarantar ya ce tun bara ya rubuta takarda yana neman a gyara rufin."

Babu jimla ko ɗaya a nan da ta saɓa wa nahawu. Amma uban da ɗansa ke wannan makaranta sai ya karanta jimloli huɗu kafin ya san an ji rauni. Idan kuwa edita ya ɗauki jimloli uku na farko kaɗai, abin da zai fito a jarida shi ne hadari ya taso, malamai sun ci gaba da darasi.

Matakin farko na gyara ba rubutu ba ne, tankaɗe ne. Marubuci zai ja layi a ƙarƙashin amsoshin tambayoyi shida: wa abin ya shafa, me ya faru, a ina, yaushe, me ya jawo shi, kuma ta yaya. Bayan haka sai ya auna su, domin ba nauyinsu ɗaya ba. A misalin nan abubuwa uku ne ke takarar zama a gaba, wato raunin yara, rufe makaranta da yayewar rufi. Lafiyar mutum tana gaban dukiya, saboda haka rauni ne zai buɗe labarin:

"Ɗalibai 7 sun ji rauni a wata makarantar firamare ranar Talata, bayan da iska mai ƙarfi ta yaye rufin ajujuwa 4 ana cikin darasi."

Kalmomi 24 ne, sun kuma amsa biyar daga cikin tambayoyin. A labari na gaske, sunan makarantar da na garin ne za su maye gurbin "wata". Sakin layi na biyu zai ɗauki kai yaran asibiti da umurnin rufe makarantar har mako 2. Na uku zai ɗauki maganar shugaban makarantar. Tasowar hadari da fitowar yara a guje su zo a ƙarshe. Jimlar shiga aji kamar yadda aka saba kuwa ba ta da gurbi ko kaɗan, domin abin da aka saba ba labari ba ne.

Wannan jeri yana iya sauyawa. Idan jaridar mako-mako ce, kuma rediyo ya riga ya yaɗa batun raunin kwana biyar da suka wuce, abin da iyaye ke son ji shi ne ranar komawa makaranta, don haka rufewar ce za ta hau gaba. Abin da bai dace ba shi ne a sa sakataren ilimi a farko don girman muƙaminsa kawai, ɗabi'ar da ta yi katutu a rubutun masu koyo.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wajen nahawu, domin jimlar Hausa ba ta yarda a ɗauke ta daga tsakiyar labari a dasa a farko yadda take. A rubutun farko an ce "7 daga cikinsu suka ji rauni". Lamirin "suka" na shuɗaɗɗen lokaci na biyu ne, wanda a cikin labari yake jingina da aikin da ya gabace shi. Da jimlar ta koma farko ba ta da majingina, dole ta zama "sun ji rauni". Wani zai yi dabarar cewa "Ɗalibai 7 ne suka ji rauni". Jimlar daidai ce, sai dai tana ɗaukar cewa mai karatu ya riga ya san an ji rauni, adadi kawai yake jira. Haka nan kalmomin "sai", "can" da "daga nan" igiyoyin jerin lokaci ne. Da zarar an warware jerin, sai a cire su, a ɗaure da "bayan da" ko "sakamakon".

Wakilin suna da madanganci ma suna buƙatar lura. "Da ya zo ya ga ɓarnar" tana da ma'ana ne saboda an ambaci sakataren a jimlar da ta gabace ta. Idan aka raba su, mai karatu zai iya zaton shugaban makarantar ne ya ba da umurnin rufewa, wanda kuskure ne da ke iya jefa bawan Allah cikin matsala da magabatansa. Haka kuma ba a cewa "makarantar" ko "ɓarnar" a ambaton farko, tun da mai karatu bai san wace ake nufi ba tukuna.

Sake fasalin yakan tona giɓin da jerin lokaci ya rufe. Da aka sa rauni a gaba, tambaya ta taso: wane hali yaran ke ciki, an sallame su ko suna kwance? Rubutun farko bai faɗa ba. Maganar takardar bara kuwa zargi ce a kan hukuma. Dole a jingina ta ga mai ita da "ya ce" ko "in ji", a kuma nemi jin ta bakin ɗaya ɓangaren. Ba a cike irin wannan giɓi da zato; marubuci ya koma ya tambayo.

Malami na iya gwada aikin ɗalibansa a aji da takarda ɗaya. Ya rufe sakin layi na ƙarshe, ya sa wani ɗalibi ya karanta saura, ya tambaye shi abin da ya faru. Ya ƙara rufe na samansa, ya sake tambaya, har ya rage sakin layi na farko kaɗai. Duk inda mai karatun ya kasa faɗin wa abin ya shafa ko me ya same shi, to akwai muhimmin bayani da aka bari a ƙasa, sai a ɗauko shi a maido sama. Gwajin na labari ne tsantsa. Ba a yi wa sharhi ko ra'ayin jarida shi, domin su a ƙarshe suke yanke hukunci.