Farashi Ba Ruwanka da Neman Canji

Mai shago ya san wahalar canji: kaya ya tashi naira 1,320, ina za a samo talatin a mayar? A Excel, idan farashin yana A2, sai ka rubuta:

```
=CEILING(A2,50)
```

Zai ba ka 1,350, domin kullum sama yake turawa. Ko 1,301 ne, can zai kai shi. Amma 1,300 cif ba ya taɓa shi.

Shi kuwa `=MROUND(A2,50)` mafi kusa yake bi. 1,320 ya koma 1,300, ka yi asarar ashirin. Sai daga 1,325 yake hawa. A ganina, kayan da ribarsu ba ta taka kara ta karya ba, CEILING ya dace da su.