Tallar man shafawa na gida: abin da ya kamata a faɗa da abin da ba a alkawarta

Sanarwar farko da mai haɗa man shafawa a gida ke fitarwa ita ce ma'aunin da masu saye za su riƙa auna ta da shi. Abin da ta ce man zai yi, shi za a jira a gani a jiki. Shi ya sa rubutun ke farawa daga abin da ke cikin robar.

A ɗauki misalin mace da ta haɗa kilo ɗaya na man hunturu: giram 700 na man kaɗanya, giram 250 na man kwakwa, giram 50 na kakin zuma, ta zuba a robobi goma masu giram 100. Aikin wannan haɗi sananne ne. Yana kwanciya a saman fata ya hana danshin jiki fita, don haka yana rage kaushi da bushewa, yana kuma tausasa faso idan an dage da shafawa. Ya fi aiki idan an shafa shi da an fito wanka, jiki da sauran lema, domin shi kansa babu ruwa a cikinsa. Wanda ya tarar yake tsarewa. Iyakar abin da za a iya tsayawa a kai ke nan, kuma ya isa talla.

Sanarwarta za ta iya cewa: "Man kaɗanya ne da man kwakwa da kakin zuma, ba a ƙara komai ba. Na masu bushewar fata ne, musamman hannu da ƙafa. Ba ya sa haske, kuma ba magani ba ne. Mai maiƙon fuska kada ya shafa a fuska. A fara gwadawa a cikin dantse a jira kwana biyu. In an ga ja ko ƙaiƙayi, a bari." Sai nauyi da farashi da ranar da aka haɗa shi.

Gargaɗin fuska yana da dalili: man kwakwa kan toshe ƙofofin gashi ga wasu, ƙuraje su feso. Faɗin wanda man bai dace da shi ba kan rage ciniki kaɗan a ranar farko, amma yana hana ƙorafin da ke kashe sana'a.

Alkawarin da ya fi yawa a tallace-tallace, kuma ya fi haɗari, shi ne na haske cikin mako guda. Man kaɗanya ba ya sauya launin fata. Idan man da aka kira na gargajiya ya haskaka mutum cikin 'yan kwanaki, abin zargi ne cewa an cusa masa sinadarin bilicin, kamar sitiroyid ko makyuri, waɗanda hukumar NAFDAC ta hana sanyawa a kayan shafa. Alamun ba sa ɓuya: fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, nankarwa ta fito, kuma da an daina shafawa jiki ya rikice. Haka maganar warkar da ƙyasbi ko makero. Waɗannan cututtuka ne da ƙwayar gwari ke kawowa, maganinsu na asibiti ne, kuma wadda ta ce manta na warkar da su ta jinkirta wa mara lafiya samun magani. Kada kuma a ce yana kare zafin rana, don kariyar man kaɗanya ba ta taka kara ta karya ba.

Gaskiya ta haɗa da faɗin aibin kayan. A zafin bazara wannan man yakan narke, in ya sake daskarewa a hankali sai ya yi tsaki-tsaki kamar da yashi a ciki. Bai lalace ba, yana narkewa a tafin hannu, amma wanda ba a gaya wa ba zai ɗauka an yi masa algus. Lalacewa ta gaske ana gane ta da warin tsohon mai. Tunda babu ruwa a haɗin, yana iya yin watanni in an ajiye shi a inuwa kuma ba a tsoma jiƙaƙƙen yatsa. In aka ƙara ruwa ko ruwan wani ganye ba tare da sinadarin adanawa ba, ƙwayoyin cuta na iya yaɗuwa a ciki cikin 'yan kwanaki, tun kafin ido ya ga fumfuna.

Hoton "kafin" da "bayan" shafawa ba shi da amfani sai na mutumin da ya shafa man ne, da izininsa, a haske iri ɗaya. Game da rajista kuma, doka ta ɗora wa NAFDAC tantance kayan shafa da ake sayarwa a Najeriya. Wadda ta samu lamba ta rubuta ta yadda take a takardar hukuma, wadda ba ta samu ba kada ta ari ta wani, ta nemi tata kafin kayan su shiga kasuwa.