Ginshiƙi ɗaya: kankare nawa, zoben rodi nawa?

Mai gina gida yakan tsaya ya ji magini da mai ɗaurin rodi suna faɗa masa adadin siminti da ƙarfe, shi kuwa ba shi da ta cewa. Alhali lissafin ginshiƙi, wanda magina ke kira fila, bai fi ƙarfin mai awo da waya a hannu ba.

Mu ɗauki filar da aka fi gani a gidajenmu, mai kaurin bulo inci 9, wato milimita 225 kowane gefe, tsayinta mita 3. Kafin komai a mayar da awon duka zuwa mita, sannan a ninka: 0.225 × 0.225 × 3. Amsar ta kai kimanin kubik mita 0.152. Awon cikin akwatin katako ake ɗauka, domin kaurin katako ba kankare ba ne. A haɗin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kubik mita ɗaya na cin buhun siminti shida da 'yan kai. Ke nan fila ɗaya ta kusa cinye buhu guda. Gida mai fila 12 zai buƙaci buhu 12, a ƙara ɗaya saboda abin da ke zubewa.

Zobba su ne inda hankalina ya fi tsayawa. Su ne ƙananan rodin da ake lanƙwasawa su kewaye manyan rodin tsaye, su hana su turowa waje idan nauyi ya hau. In zanen injiniya ya ce tazara milimita 150, sai a raba 3000 da 150, a sami 20. To amma wannan 20 gurabe ne tsakanin zobba. Akwai zobe a ƙasa, akwai a sama, don haka a ƙara ɗaya: 21. Idan tsayin mita 3.1 ne, rabon zai ba da 20.67; a cika shi 21, a ƙara ɗaya, 22. Kullum sama ake cikawa, domin ragewa na buɗe tazarar.

Kowane zobe fa? A bar milimita 25 na kankare ya rufe ƙarfe ta kowane gefe, saura 175. Gefe huɗu 700, da ƙugiyoyin bakinsa biyu kusan 900. Rodi mai mita 12 zai fitar da 13, fila 12 kuwa na son zobba 252, wato rodi 20.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne masu buɗe tazara zuwa 300 don a rage ƙarfe. Ƙa'idar BS 8110 ba ta yarda tazarar ta wuce kaurin rodin tsaye sau 12 ba, ke nan milimita 192 ga rodi mai 16. Da zarar an zuba kankare babu mai sake ganin ciki, saboda haka a ƙirga zobban da hannu, a aza awo tsakaninsu, kafin kafinta ya rufe katako.