Yadda ake bambanta matsalar huhu da ta jiki a gwajin iskar jini

Idan sakamakon gwajin iskar jini ya shigo hannunka, fara da pH. Daidai shi ne 7.35 zuwa 7.45, ƙasa da haka asid ya yi yawa, sama da haka alkali ya rinjaya.

Daga nan sai ka nemo mai laifi. PaCO2 (35 zuwa 45 mmHg) aikin huhu ne, HCO3 (22 zuwa 26 mmol/L) kuwa na ƙoda da sauran jiki ne. In pH ta sauka PaCO2 ta hau, numfashi ne ya gaza. In pH da HCO3 suka sauka tare, asalin matsalar ba daga huhu yake ba.

Ga mai ciwon suga, yana amai, yana jan dogon numfashi: pH 7.26, HCO3 10, PaCO2 23. Asid ya taru, ya cinye HCO3. Saukar PaCO2 kuwa agajin huhu ne, yana fitar da iskar CO2 don ya rage asid.

To agajin ya wadatar? A auna da lissafin Winter:

PaCO2 = (1.5 × HCO3) + 8 ± 2

Amsa 21 zuwa 25 ce, don haka huhunsa na yin aikinsa. Amma da PaCO2 ɗinsa 40 ce, kada adadin ya ruɗe ka don ya faɗa cikin daidai. Numfashinsa ya soma gazawa ke nan, cuta biyu sun haɗu, kuma yana iya buƙatar na'urar taimakon numfashi cikin gaggawa.