Yadda ake sake gina jadawalin da ya wargaje bayan an kwafo shi daga PDF

Duk wanda ya taɓa kwafo jadawali daga fayil ɗin PDF ya liƙa a Excel ya san abin da ke biyo baya. A PDF ɗin komai tsaf, kowane adadi a gurbinsa, amma da an liƙa sai ka ga sunaye sun hau kan lambobi, wani layin ya gajarce, wani kuma ya tsaya shi kaɗai. Ba laifin kwamfutar ba ne. Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 don takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura, saboda haka abin da fayil ɗin ke riƙewa shi ne wurin da kowane rubutu zai zauna a shafi. Yawancin irin waɗannan fayiloli ba su san wani abu wai shi gurbin jadawali ba. Layukan da ido ke gani zane ne kawai, kuma zane ba ya biyo rubutu idan an kwafa.

Inda abin ya fi muni shi ne jadawalin da aka haɗe wasu gurabensa, wato aka mayar da gurbi biyu ko uku ya zama babban gurbi ɗaya. A ce wata makaranta ta fitar da jadawalin ɗalibanta. Sashen firamare yana da aji uku, sai aka rubuta "Firamare" sau ɗaya a gurbin da ya rufe layi ukun. Sakandare kuwa aji biyu. A sama an rubuta "Ɗalibai" ya rufe ginshiƙi biyu, maza da mata. A ƙarshe akwai kuɗin alli, adadi ɗaya ga kowane sashe. Ga irin abin da ake samu bayan an liƙa:

```
Sashe Aji Ɗalibai Kuɗin alli
Maza Mata
Aji 1 24 31
Firamare Aji 2 28 26 60,000
Aji 3 19 22
Aji 1 35 30
Sakandare 45,000
Aji 2 27
Jimla 106 136 105,000
```

Tun da a tsakiyar babban gurbinsa aka rubuta "Firamare", sai ya faɗo a layin aji na biyu, ya bar na ɗaya da na uku ba suna. "Sakandare" kuwa tsakanin layi biyu ya zauna, shi ya sa ya samu layin kansa, layin da babu shi a asalin jadawalin.

Kafin a taɓa komai, a buɗe PDF ɗin a gefe ɗaya na allo, a ƙirga ginshiƙan daga ƙasa, inda lambobi suke. Kan jadawalin yana nuna huɗu, amma biyar ne: sashe, aji, maza, mata, kuɗin alli. Sai a rushe kan nan mai hawa biyu ya koma layi ɗaya, kowane ginshiƙi da cikakken sunansa: "Ɗalibai maza", "Ɗalibai mata". Jadawalin da za a yi lissafi da shi ba ya son kai mai hawa biyu.

Idan duk rubutun ya taru a ginshiƙi ɗaya, akwai `Text to Columns` a ƙarƙashin `Data`, wanda ke raba shi a duk inda ya ga tazara. Sai dai ba ya tunani: zai raba "Aji 1" gida biyu. Masu aiki da takardun Faransanci, kamar na Nijar, su ƙara lura, domin a can 60 000 ake rubutawa da tazara a tsakiya, kuma zai iya yanka shi ya zama 60 da sifili. Kafin a raba, a maye "Aji " da "Aji_" ta hanyar `Ctrl+H`, daga baya a mayar.

Daga nan sai aikin hannu, kuma a ganina shi ne zuciyar aikin. Kowane layin da ya gaza biyar ya zame zuwa hagu, dole a tura shi dama har adadinsa ya dace da ginshiƙinsa. Layin da ya fi haɗari shi ne "Aji 2 27". A PDF ɗin gurbin maza fanko ne, domin ajin mata ne zalla, amma gurbin da babu komai a cikinsa ba ya barin wata alama idan an kwafa. Sai 27 ɗin ya zauna a wurin maza. Babu dabarar da za ta gano wannan in ba a koma an dubi asalin takardar ba.

Bayan layuka sun daidaita, sai a cike sunan sashe. A nan ne mutane ke gaggawa. Akwai sananniyar dabara: a zaɓi ginshiƙin, a danna `F5`, sai `Special`, sai `Blanks`, a rubuta alamar `=`, a danna kibiyar sama, a rufe da `Ctrl+Enter`. Nan take kowane gurbi fanko zai ɗauki abin da ke samansa. Dabarar tana aiki ne kawai idan sunan yana layin farko na rukuninsa. A misalinmu, in aka yi ta yadda abin yake, ajin ɗaya na sakandare mai maza 35 zai gaji sunan "Firamare", kuma jadawalin zai yi kyau a ido alhali ƙarya yake faɗa. Don haka a fara ɗaga "Firamare" da "Sakandare" zuwa layin farko na rukuninsu, a goge layin nan na bogi, sannan a cike. In an gama, a kwafi ginshiƙin a liƙa shi da `Paste Special` da `Values`, in ba haka ba ranar da aka sake jera layukan sunayen za su rikice.

Kuɗin alli kuma kada a cike shi ƙasa. Suna ana maimaita shi ba a yi asara ba, kuɗi kuwa in aka maimaita ya ninku. Naira 60,000 sau uku da 45,000 sau biyu za su ba da 270,000, alhali 105,000 ne. Abin da ya fi shi ne a cire kuɗin a yi masa ƙaramin jadawalinsa mai layi biyu, sashe da adadinsa.

Saura lambobin da suka shigo a matsayin rubutu. Excel kan jingina lamba ta dama, rubutu ta hagu, saboda haka adadin da ya maƙale a hagu ba zai shiga lissafin `SUM` ba. Sau da yawa wata ɓoyayyiyar tazara ce ta biyo shi, kuma wannan kan wanke ta:

```
=VALUE(TRIM(SUBSTITUTE(C2,CHAR(160),"")))
```

Jadawali mai shafi da yawa ya fi ƙarfin kwafa da liƙawa. Sabbin nau'o'in Excel na Windows suna da `From PDF` a cikin `Get Data`, akwai kuma manhajar Tabula ta kyauta. Suna rage wahalar raba ginshiƙai, amma haɗaɗɗun gurabe sai mutum ya bi su da ido, ya kuma cire kan jadawalin da ke maimaituwa a kowane shafi. Takardar da aka ɗauka a hoto kuwa ba ta da rubutun da za a kwafa sai an bi da ita ta manhajar karanta hoto, wadda kan rikita sifili da harafin O.

Layin jimla ba ya zama cikin sabon jadawalin, amma kada a yar da shi, da shi za a auna aikin. A tara kowane ginshiƙi daban. Da an bar 27 a wurin maza, maza za su zama 133, mata 109, amma jimlar ɗalibai gaba ɗaya tana nan 242, kamar babu abin da ya faru. Sai maza sun ba ka 106, mata 136, layuka kuma biyar daidai da yawan azuzuwan, sannan ka miƙa jadawalin.