Shanu goma, akwati goma: yadda ake jarraba idon kwamfuta

A ɗauka ƙaramin jirgi mara matuƙi ya tashi bisa makiyaya ya ɗauko hoto, kuma a cikin hoton akwai shanu goma. Aka miƙa hoton ga manhajar da aka horar don gane dabbobi. Cikin ƙiftawar ido ta zana akwatuna goma, kowane da rubutun "saniya" a gefensa. Mai garke zai ce aiki ya yi kyau, goma ya kawo, goma aka ƙirga masa. Injiniyan da ya san aikin kuwa ba zai yi saurin murna ba, sai ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Yana iya tarar da cewa bakwai ne kawai suka faɗa kan shanu. Ɗaya ya kewaye suri, ɗaya inuwar bishiya, ɗaya kuma maimaici ne a kan saniyar da aka riga aka ƙirga. Shanu uku da suka kwanta a ƙarƙashin gawo manhajar ba ta gan su ba sam. Ƙarya uku ta rufe gurbin kuskure uku, jimilla ta fito daidai bisa sa'a.

Saboda irin wannan ne masu ƙera manhajojin gano abubuwa a hoto ba sa auna su da ƙirga kawai. Manhajar tana ba da abu uku a kan duk abin da ta gani: akwatin da ya kewaye shi, sunansa, da makin tabbaci daga 0 zuwa 1. Kafin a fara jarrabawa, mutane ne ke zama su zana akwatunan gaskiya da hannu a kan hotunan gwaji, kamar yadda malami ke shirya takardar amsa kafin ya duba aikin ɗalibai.

Tambayar farko ita ce yaushe za a ce akwatin manhaja ya dace da na gaskiya, tunda da wuya su hau juna cif. Ana auna faɗin wurin da akwatunan biyu suka yi tarayya, a raba shi da faɗin wurin da suka mamaye gaba ɗaya. Sunan wannan awo a allon kwamfuta `IoU`. Idan kowane akwati yana da faɗin 100, suka yi tarayya a 60, to wurin da suka mamaye tare 140 ne, kuma 60 a raba da 140 ya ba da kusan 0.43. A bisa tsohuwar ƙa'idar da ke neman aƙalla 0.5, wannan akwati ya faɗi, ko da kuwa rabin saniyar na cikinsa. Hukuncinsa ma ninki biyu ne: an rubuta wa manhajar ƙarya ɗaya, an kuma rubuta cewa ta rasa saniya ɗaya. Haka nan idan ta zana akwati biyu a kan saniya guda, mai makin tabbaci mafi girma ne ake karɓa, na biyun ƙarya ne.

Daga nan ma'aunai biyu ke fitowa. Na farko shi ne daidaito, wanda allo ke nunawa da sunan `precision`: cikin akwatunan da manhajar ta zana, nawa ne na gaskiya? Na biyu shi ne kamu, wato `recall`: cikin shanun da ke hoton, nawa ta kama? A misalinmu bakwai cikin akwati goma gaskiya ne, daidaito ya zama kashi 70 cikin 100. Bakwai cikin shanu goma aka gani, kamu ma kashi 70. Kowane cikinsu yana da sauƙin ha'inta idan aka bar shi shi kaɗai. Manhajar da ta zana akwati ɗaya tak a kan bijimin da ya fi fitowa fili ta samu cikakken daidaito, alhali ta bar tara. Wadda ta cika hoton da akwatuna dubu za ta kama kowace saniya, amma ta binne su cikin shirme.

Abin da ke juya ma'aunan nan biyu shi ne iyakar tabbaci, wadda ke aiki kamar makin shiga jami'a: duk akwatin da bai kai ba, a zubar da shi. Ga akwatunan nan goma an jera su daga mafi tabbaci zuwa ƙasa: 0.95, 0.91 da 0.88 duk gaskiya ne, 0.80 ƙarya, 0.74 da 0.66 gaskiya, 0.52 ƙarya, 0.45 gaskiya, 0.31 ƙarya, 0.22 gaskiya. Idan aka kafa iyaka a 0.85, akwati uku ne za su tsira, daidaito kashi 100, kamu kashi 30. Aka sauko da ita zuwa 0.6, akwati shida ke nan, biyar na gaskiya, daidaito kashi 83, kamu kashi 50. A 0.2 kuwa duka goman sun shiga, an koma 70 da 70. Manhajar ba ta canja ba, hoton ma bai canja ba, amma sakamako uku aka samu.

To da wanne za a kwatanta manhaja biyu? Maganin da masana suka tsaya a kai shi ne kada a zaɓi iyaka ko ɗaya, a bi su duka. Ana sauka a jerin akwatunan, a kowane mataki na kamu a rubuta daidaito mafi girma da ake iya samu a wannan mataki ko gaba da shi. A misalinmu, shanu ukun farko an kama su da daidaito 1, kowace tana da nauyin 0.1, sun ba da 0.3. Ta huɗu da ta biyar an same su da daidaito 0.83, sun ƙara kusan 0.167. Ta shida da 0.75 ta ƙara 0.075, ta bakwai da 0.7 ta ƙara 0.07. Ukun da ke ƙarƙashin gawo ba su ƙara komai ba. Jimilla kusan 0.61, kuma wannan shi ne matsakaicin daidaito, `AP`, na saniya. Manhaja tana samun babban maki a nan idan ta sa akwatunan gaskiya a saman jeri, na ƙarya a ƙasa, kuma ba ta bar dabbobi da yawa a baya ba.

Idan abubuwan da ake nema sun fi ɗaya, sai a lissafa wa kowane nasa a ɗauki matsakaici, shi ne `mAP`. A nan ne ɓoyo ke faruwa. Idan mutum ya samu 0.89, saniya 0.61, tunkiya 0.30, matsakaicin 0.60 ne, lambar da ba ta nuna cewa manhajar kusan makauniya ce a kan tumaki ba. Tilas a buɗe makin kowane jinsi a duba.

Ƙa'idar lissafin ma ba ɗaya ba ce. Gasar PASCAL VOC, wadda aka gudanar daga 2005 zuwa 2012 kuma ta kai jinsi 20, ta tsaya a iyakar tarayya ta 0.5. Rumbun hotuna na COCO, da aka fitar a 2014 mai jinsi 80, ya tsaurara: ana maimaita lissafin sau goma, daga 0.50 zuwa 0.95 da tazarar 0.05, a ɗauki matsakaici. Bambancin ba ƙarami ba ne. Manhajar YOLOv3 ta Joseph Redmon da Ali Farhadi, a 2018, ta samu 57.9 da awon 0.5 a hotunan COCO, amma 33.0 da awon mai tsauri, domin tana gano abu amma akwatinta ba ya matse shi sosai. Saboda haka mai sayar da manhaja da ya ce makinsa 60 ne bai gama magana ba, sai ya faɗi da wane awo, a kan waɗanne hotuna. Wannan na biyun ya shafi makiyayi kai tsaye: cikin jinsunan COCO akwai saniya, tunkiya da doki, amma babu akuya, babu jaki, babu raƙumi. Manhajar da aka horar a kansa kaɗai, idan ta ga akuya, ko ta tsallake ta ko ta liƙa mata sunan wata dabba.

Duk da haka `mAP` ba ya faɗa wa kowa iyakar da zai saka ranar aiki. Ana ganin wannan a kayan aikin Ultralytics, waɗanda mutane da yawa ke horar da YOLO da su. Wajen jarrabawa suna saukar da iyaka zuwa 0.001 don a ga jerin gaba ɗaya, wajen aiki kuwa 0.25 ce idan ba a canja ta ba:

```
yolo detect val model=best.pt data=shanu.yaml
yolo detect predict model=best.pt source=hotuna conf=0.4
```

Wannan 0.25 ba don garken kowa aka yanka ta ba. Hanyar farko ta zaɓar iyaka ita ce ma'aunin `F1`, wanda ke haɗa daidaito da kamu a lamba ɗaya, kuma yana faɗuwa idan ɗayansu ya yi ƙasa. A misalinmu yana ba da 0.46 a iyakar 0.85, da kusan 0.63 a 0.6, da 0.70 a 0.2. Amma shi yana ɗaukar kuskuren biyu nauyinsu ɗaya, abin da ba kasafai yake zama gaskiya ba. Makiyayin da ke neman saniyar da ta ɓata a daji zai fi son iyaka ƙasa: gara a nuna masa suri sau uku ya duba ya wuce, da a tsallake dabbarsa. Mai gonar da ya haɗa kyamara da ƙararrawa don ta tashe shi idan shanu sun shigo da dare kuwa, idan ta tashe shi sau biyar a kan inuwa, a dare na uku zai cire wayar. Shi iyaka mai tsawo ce ta dace da shi. Hanyar da ta fi inganci ita ce a fara rubuta sharaɗi, misali kamu kada ya gaza kashi 60, sannan a nemi iyaka mafi tsawo da ta cika shi. A jerinmu 0.45 ce, da daidaito kashi 75.

Hoto ɗaya dai don bayani ne. Aikin gaske yana bukatar ɗaruruwan dabbobi, tunda a shanu goma kowace ɗaya tana motsa kamu da kashi 10. Ana kuma raba hotunan kashi uku: na horo, na zaɓar iyaka, da na jarrabawar ƙarshe da ba a taɓa ba sai an gama. Wanda ya zaɓi iyaka a kan hotunan jarrabawar ƙarshe ya ba ɗalibi satar amsa. Haka wanda ya yanko hotuna daga bidiyo ɗaya ya watsa su cikin horo da gwaji: makin zai yi kyau sosai, sannan ya ruguje a sabon fili. Alamar ita ce tazara mai faɗi tsakanin makin ofis da abin da ake gani a waje.

Shi kansa makin tabbaci bai zama alkawari ba. Ba dole ne takwas cikin akwatuna goma masu 0.8 su zama gaskiya ba, kuma 0.8 na wannan manhaja ba shi ne na waccan ba, don haka duk lokacin da aka sake horo sai an sake neman iyaka. Yanayi ma yana taɓa shi. Manhajar da ta saba da farar saniya a kan koren ciyawar damina tana iya ba saniyar nan maki ƙasa da na da idan ta tsaya a busasshiyar ƙasa cikin hazon hunturu, ko idan jirgin ya ƙara nisa har ta zama ɗan ɗigo. Abin da masu aikin ke yi shi ne su ɗauki sababbin hotuna a sabon yanayin, su zana akwatunan gaskiya, su sake jera makin daga sama zuwa ƙasa, su ga ko 0.45 ɗin damina har yanzu tana kama shanu shida cikin goma.